Yadda Ake Samun Mahaɗi Daga Wasu Shafuka Ba Tare da Saye Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu ƙananan shafukan intanet a Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri, musamman masu rubutu kan noma da kasuwanci. An ɗauki misali guda an bi shi har ƙarshe, wato shafin da ke tattara farashin shinkafa a kasuwannin jihar Kebbi. Duk kuɗin da aka ambata a cikin lissafi na misali ne kawai, ba farashin kasuwar yau ba ne.

1. Mene ne mahaɗin da ake ta magana a kai, kuma me ya sa Google ya damu da shi?

Idan wani shafi ya sa adireshin shafinka a cikin rubutunsa, ta yadda mai karatu zai latsa ya iso wurinka, ka samu mahaɗi daga waje. Shi ne abin da za ka ga an rubuta `backlinks` a manhajojin bibiyar shafuka. Tun a 1998, da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google bisa tsarin da suka kira PageRank, ake ɗaukar mahaɗi a matsayin shaida: wani ya karanta abinka, ya ga ya isa a tura mutane gare shi. Kuma kamar a gaban alƙali, ba yawan shaidu ake dubawa kaɗai ba, ana duban su waye. Mahaɗi guda daga jaridar da ake yarda da ita, a cikin labarin da ya shafi aikinka, ya fi ɗaruruwa daga shafukan da ba mai karanta su.

Google yana duba wasu abubuwa masu yawa ban da mahaɗi, don haka shafin da ba shi da abin karantawa ba zai tsira da mahaɗai ba.

2. Wani ya ce zai ba ni mahaɗi 500 a kan kuɗi kaɗan. In karɓa?

Kada ka karɓa. Dokokin Google sun ambaci saye da sayar da mahaɗi don ɗaga matsayi a cikin abubuwan da aka haramta, haka nan musayar mahaɗi da ta wuce kima, da amfani da manhaja wajen watsa su. A watan Afrilun 2012 kamfanin ya fito da gyaran da ake kira Penguin don wannan matsala, kuma tun 2016 ya zama ɓangare na tsarin binciken na kullum. Abin da ya fi faruwa yanzu shi ne a yi watsi da irin waɗannan mahaɗai, kuɗinka ya tafi a banza. Idan abin ya yi muni, ma'aikacin Google zai iya ɗaukar mataki a kan shafinka da hannu, ya sauko ƙasa ko ya ɓace daga sakamakon bincike (duba amsa ta 12).

Ban da tsoron hukunci, akwai maganar amana. Mai karatu yana latsa mahaɗi ne bisa zaton marubuci ya yarda da abin da ke can. Idan kuɗi aka biya aka ɓoye, an yi masa algus.

3. To idan ban saya ba, me zai sa wani ya sa mahaɗi zuwa ƙaramin shafina?

Bukatarsa, ba tausayinka ba. Ɗan jaridar da ke rubuta labari kan tsadar shinkafa yana neman adadi da zai jingina da shi. Malamin jami'a da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu suna neman madogara. Idan adadin da suke nema yana wurinka kaɗai, dole su ambace ka, kuma da yawansu za su sa mahaɗi domin su kare kansu daga zargin ƙirƙira.

A nan mutumin Kebbi yake da abin da babban shafi a Legas ba shi da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton farashin abinci wata-wata, amma a matakin jiha da shiyya yake tsayawa. Ba zai gaya maka bambancin farashin shanshera tsakanin Argungu da Yauri a mako guda ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi a watan Nuwamban 2015, sunan jihar ya haɗu da shinkafa a bakin 'yan jarida, amma mafi yawan masu rubutun ba sa iya zuwa kasuwa duk mako. Kai kana iyawa. Sake rubuta labarin da kowa ya riga ya buga ba ya jawo mahaɗi, domin mai neman madogara zai wuce ka ya tafi asalin labarin.

4. Yaya zan tattara bayanan da za a yarda da su?

Ka fara da abu guda, kada ka haɗa shinkafa da albasar Aliero da kifin Yauri a lokaci ɗaya. A ce shanshera ce. Ka zaɓi kasuwanni uku ko huɗu da za ka iya riƙewa ba fashi, ka samu mutum mai amana a kowacce. A kowace ranar kasuwa a tambayi masu sayarwa biyar, a kusan lokaci guda na yini, domin farashin safe da na la'asar ba ɗaya ba ne. A kuma bambanta farashin da aka yi sallama da wanda aka fara faɗa wa mai taya.

Babban abin da ke ɓata irin wannan aiki shi ne buhu. Buhu ba ma'auni ba ne tsayayye. Wani cikarsa ta fi ta wani, sabuwar shinkafa mai danshi ta fi busasshiya nauyi. Idan ka rubuta cewa buhu naira 40,000 ne a kasuwa ta farko, 46,000 a ta biyu, kowa zai ce ta biyu ta fi tsada. Amma idan buhun farko kilo 80 ne, na biyu kilo 100, to kilo guda ya kama naira 500 a ta farko, 460 a ta biyu. Labarin ya juya gaba ɗaya. Saboda haka ka nemi sikeli, ka auna buhu ko biyu a kowace kasuwa, ka riƙa buga farashin buhu tare da na kilo. Ka rubuta irin shinkafar, ka kuma nuna ko ta damina ce ko ta rani.

Daga farashi biyar da aka samo, ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya. Idan an samu 39,000 da 40,000 da 40,000 da 41,000 da 52,000, na tsakiya shi ne 40,000. Da ka haɗa su ka raba biyar, da mutum guda da ya zuga farashi ya ja maka adadin zuwa 42,400. Makon da wakilinka bai je kasuwa ba, ka bar gurbin fayau ka rubuta dalili. Kada ka cike shi da hasashe ko sau ɗaya, domin ranar da wani dillali ya kama adadin ƙarya guda, sauran duka sun zama abin zargi.

5. Ya kamata in sa sunayen 'yan kasuwar da na tambaya don a ga gaskiya ce?

A'a. Ka faɗi yawansu da kasuwar da suke, ya isa. Suna da lambar waya bayanan mutum ne da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tanadar musu kariya, kuma ɗan kasuwar da ya ga sunansa a intanet tare da farashinsa ba zai sake amsa maka ba. Ka gaya musu tun farko abin da za ka yi da amsarsu. Sanar da sarkin kasuwa ko shugaban ƙungiyar masu hatsi kafin a fara yana kawar da zargi mai yawa.

6. Na tattara. Yaya zan shirya shi a shafi yadda zai jawo mahaɗi?

Ka ba bayanan adireshi guda tsayayye, kana sabunta shi duk mako. Masu shafuka da yawa suna buɗe sabon rubutu kowane mako, sai mahaɗan da suka samu su warwatse a kan tsofaffin rubuce-rubucen da farashinsu ya riga ya wuce. Adireshi guda yana tara duk mahaɗan wuri ɗaya, kuma wanda ya latsa bayan shekara zai tarar da sabon abu.

A saman shafin ka sa jimla biyu ko uku da ɗan jarida zai iya ɗauka kai tsaye: farashin wannan mako, yadda ya canza daga watan jiya, kasuwar da ta fi araha. A ƙasa jadawali na rubutu na gaske, ba hoton jadawali ba, domin mai son kwafar adadi ba zai iya ɗauka daga hoto ba, kuma rubutu ne injin bincike ya fi karantawa. Sannan bayanin yadda aka tattara, kamar yadda amsa ta 4 ta nuna: kasuwanni nawa, mutum nawa, wane ma'auni, tun yaushe. Wannan sashe shi ne ke sa malamin jami'a ya yarda ya ambace ka. Ka ƙara fayil ɗin `CSV` ko Google Sheets don mai son yin nasa lissafin, da ranar sabuntawa ta ƙarshe. Idan da hali ka sa taƙaitaccen bayani da Turanci a ƙarƙashin na Hausa, domin editoci da dama da za su buƙaci adadin ba sa jin Hausa.

Kada ka fara tallata shi da bayanan mako biyu. Ka bari ya kai wata uku, yadda za a ga hawa da sauka. Wanda ya haɗa shekara cif, daga kakar damina zuwa girbin rani, shi ke da abin da ba a samu ko'ina.

7. An ce sa manhajar kyauta a shafi ma yana jawo mahaɗi, mene ne maganar? Ni ban iya rubuta manhaja ba.

Ba babbar manhaja ake nufi ba. Ƙaramin abin lissafi ne a shafinka da ke amsa tambaya guda da mutane ke yi kullum. Ga mai shafin shinkafa, wanda ya fi dacewa shi ne lissafin da muka yi a amsa ta 4: mutum ya sa farashin buhu da nauyinsa, ya ga farashin kilo.

```
farashinKilo = farashinBuhu / nauyinBuhu
```

Za a iya ƙara wani na taki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, tun da kashi 46 cikin ɗari ne, kuma hekta murabba'in mita 10,000 ce. Manomi ya sa tsawo da faɗin gonarsa da yawan buhun da malamin gona ya ce a zuba a hekta, manhajar ta gaya masa rabon gonarsa. Adadin da za a zuba a hekta kuwa ka bar wa malamin gona, kada ka ƙirƙiro shi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai iya haɗa maka irin wannan da 'yan layukan JavaScript.

Sharuɗɗan su ne ya buɗe da sauri a ƙaramar waya inda sabis ke da rauni, kada ya nemi rajista ko lambar waya, kada talla ta rufe shi. Manhaja tana da fa'idar da labari ba shi da ita: ba ta tsufa, don haka shafin ƙungiyar manoma zai iya sa ta a jerin abubuwan amfani ya bar ta shekaru. Idan ka ba wasu damar dasa ta a shafinsu, mahaɗin da ke jikinta ya kasance sunan shafinka kawai, kuma ka sa masa `nofollow` (duba amsa ta 10). Cusa kalmomin talla a jikin irin wannan abin dasawa yana cikin abin da Google ya hana.

8. Su wa zan tuntuɓa, kuma yaya zan same su?

Waɗanda suka riga suka yi rubutu kan abin. Ka bincika kalmomi irin su `farashin shinkafa Kebbi` da `paddy price Kebbi`, ka buɗe labaran, ka rubuta sunan wanda ya sa hannu a kowanne. Wakilin jarida da ke zaune a Birnin Kebbi ya fi akwatin imel na babban ofis amfani nesa ba kusa ba. Bayan 'yan jarida akwai malaman sashen tattalin arzikin noma a jami'o'i, irin ta Aliero da makwabtanta, da ƙungiyoyin manoman shinkafa masu shafi, da hukumomin raya karkara masu buga rahoto.

Kafin ka sa shafi a jerinka ka duba abu uku: yana da masu karatu na gaske, batunsa ya shafi naka, kuma ya saba sa mahaɗi zuwa madogararsa. Shafin da yau ya buga caca, gobe maganin ƙarfi, jibi noma, kowane rubutu cike da mahaɗai marasa dangantaka, wannan sayar da mahaɗi yake yi, ka bar shi. Jerin mutum 20 da ka karanta aikinsu ya fi adireshi dubu da aka sayar maka.

9. Me zan rubuta a saƙon?

Gajere, da sallama, da abin da ya shafe shi shi kaɗai. Ga misali:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Na karanta rahotonka na makon jiya kan tsadar shinkafa a Kebbi. Muna tattara farashin shanshera duk mako a kasuwanni huɗu na jihar, kuma mun ga kilo ya fi araha a kasuwar da buhunta ya fi tsada, saboda bambancin cika. Ga jadawalin da bayanin yadda muka auna. Idan zai yi maka amfani ka ɗauka kyauta, sai dai a ambaci inda aka samo. Idan kana son adadin wata kasuwa daban, ka yi mini magana. Allah ya taimaka."

Ka lura saƙon bai roƙi mahaɗi ba, ya kawo abin da aka gano ne. Lokaci ma yana da tasiri: saƙon da ya isa a makon da ake maganar ambaliya a fadamun gulbin Rima ko faɗuwar farashi bayan girbi ya fi samun amsa. Idan mako ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, daga nan ka ƙyale shi. Yawancin saƙonni ba za su samu amsa ba, haka abin yake ga kowa. Kada ka tura saƙo guda ga mutane da yawa a jere suna ganin adireshin juna, kada kuma ka yi tayin kuɗi ko kati ko kyauta a madadin mahaɗi, domin wannan ma saye ne.

10. An sa mini mahaɗi amma an ce `nofollow` ne. Ya zama banza ke nan?

Bai zama ba. Alamar `nofollow` ta fito a 2005 don mai shafi ya ce wa injin bincike bai tsaya wa wannan mahaɗi ba. A watan Satumban 2019 Google ya ƙara `sponsored` don mahaɗin talla da `ugc` don abin da baƙi suka rubuta, ya kuma ce zai riƙa ɗaukar alamomin a matsayin manuniya, ba umarnin da dole ya bi ba. Ga yadda take a rubuce:

```
<a href="https://example.com" rel="nofollow">suna</a>
```

Wikipedia tana sa wa mahaɗanta na waje wannan alama, haka ma manyan kafofin sada zumunta. Duk da haka mutane suna latsawa, kuma a cikinsu akwai marubucin da zai ambace ka gobe a nasa shafin. Haka abin yake da WhatsApp: injin bincike ba ya ganin abin da ke cikin zaurukan, amma ta nan jadawalinka zai isa wayar ɗan jarida. Kada ka matsa wa edita ya cire alamar.

11. Ina da kuɗin talla. Akwai hanyar halal ta biya?

Akwai. Ka biya a buga tallarka, a rubuta a fili cewa talla ce, a sa wa mahaɗin `rel="sponsored"`. Abin da ka saya ke nan shi ne idon masu karatu, ba matsayi a Google ba. Musaya ma ba laifi ba ce idan ta zo da dalili, kamar kai ka tura masu karatunka shafin da ke bayanin irin shuka, shi kuma ya turo nasa ga jadawalinka. Abin da aka hana shi ne zauren da kowa ke sa wa kowa mahaɗi ba don mai karatu ba.

12. Yaya zan san aikin yana tafiya, ko kuma wani abu ya lalace?

Ka yi rajistar shafinka a Google Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa yake ciki a bincike, kyauta ne. A sashen `Links` ka duba `Top linking sites`, nan za ka ga shafukan da suka sa maka mahaɗi. Yawan shafuka daban-daban ya fi yawan mahaɗai muhimmanci, domin shafi guda zai iya maimaita mahaɗinka sau ɗari a ƙasan kowane rubutu. Sabon mahaɗi yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana a nan, tasirinsa a matsayi kuma yakan ɗauki watanni. A sashen `Performance` ka ga ko shafin farashin ya fara fitowa ga masu neman kalmomin da kake so. Lambobin `Domain Authority` da `Domain Rating`, masu kimanta ƙarfin shafi, na kamfanonin Moz da Ahrefs ne, ba na Google ba, don haka kada wani ya sayar maka da mahaɗi da sunansu.

Idan masu ziyara sun ragu farat ɗaya, ka buɗe `Manual actions`. Idan ka ga `Unnatural links to your site`, an ɗauki mataki a kanka. Gyaran shi ne ka nemi a cire mahaɗan da aka saya, waɗanda suka ƙi ciruwa ka shigar da su ta `Disavow links`, wato jerin mahaɗan da kake neman Google ya yi watsi da su, sannan ka nemi a sake dubawa tare da bayanin gaskiya kan abin da ya faru. Idan kuwa ba ka taɓa saye ba, ka ga wasu baƙin shafuka sun sa maka mahaɗi haka kawai, ka bar su. Kusan kowane shafi yana samun irinsu, kuma shigar da mahaɗai a wannan jeri cikin gaggawa yana iya sa ka yanke masu amfani.

13. Wata jarida ta ɗauki adadina ba ta sa mahaɗi ba. Me zan yi?

Ya danganta da abin da ta yi. Idan ta ambaci sunan shafinka, rabin aiki ya ƙare. Ka rubuta wa marubucin ka gode masa, ka ba shi adireshin, ka ce idan zai yiwu a mayar da sunan mahaɗi don masu karatu su ga cikakken jadawali. Wasu gidajen jarida ba sa sa mahaɗin waje bisa tsarinsu, to ambaton ma riba ce. Ka sa sunan shafinka a Google Alerts domin ka riƙa samun labarin irin wannan ambato da wuri, tun labarin yana sabo kuma editan yana iya gyarawa.

Idan kuwa an kwashe ba a ambace ka ba, ka tura saƙo na sirri tukuna, da adireshin jadawalinka da ranar da ka buga shi, kada ka fara da tonon silili a bainar jama'a. Sau da yawa marubucin ya tsinci adadin ne a WhatsApp an riga an yanke sunanka. Maganin wannan tun daga farko shi ne ka rubuta sunan shafi da kwanan wata a cikin jikin kowane hoton jadawali da za ka watsa, ka kuma sa layi a ƙasan shafin cewa kowa zai iya amfani da bayanan idan ya ambaci asali. Lasisin `CC BY` an yi shi ne don irin wannan sharaɗi. Ka bar wa mai ɗauka ya zaɓi kalmomin da zai sa a mahaɗin da irin alamar da zai ba shi, domin tilasta masa wasu kalmomi na musamman yana mayar da abin cikin abin da aka yi bayani a amsa ta 2.